Yadda ake fassara takardar banki, fasfo ko katin shaida a waya ba tare da an tona asirin mai ita ba

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, duk gidan da ke da yaro mai babbar waya, to shi ne mai karanta takardun gidan. Dattijo ya karɓo sitatimen daga banki da Turanci, sai a kawo masa. Wani ɗansa da ke Saudiyya ya turo hoton iƙama ko biza da Larabci, sai a kawo masa. A yankin Maigatari da Babura, inda ake cuɗanya da mutanen Nijar, har katin shaida na Faransanci ana kawowa. Abin da aka fi yi shi ne a shimfiɗa takardar a kan tabarma, a ɗauke ta hoto gaba ɗayanta, a tura wa manhajar fassara. Fassara takan fito, amma kafin ta fito, sunan mutum da lambar asusunsa da ranar haihuwarsa da hoton fuskarsa sun riga sun bar wayar, sun tafi kwamfutar wani kamfani da ba ka san inda take ba.

Na daɗe ina yi wa mutanen garinmu wannan aikin, kuma abin da nake so ka riƙe guda ɗaya ne: manhajar fassara kalmomi take buƙata, ba ruwanta da sanin mai takardar. Ba a fassara suna, ba a fassara lamba, ba a fassara fuska. Duk waɗannan in ka tura su, a banza ka tura.

Kada ka ɗauka tsoro ne kawai. A shekarar 2017 kafar yaɗa labarai ta ƙasar Norway, NRK, ta ba da rahoton cewa takardun da ma'aikatan kamfanin mai na Statoil suka fassara a shafin Translate.com na kyauta sun bayyana a binciken Google, kowa yana iya karantawa. Kamfanin fassara na DeepL ma da kansa ya rubuta a sharuɗɗansa cewa kada a saka bayanan da suka shafi wani mutum a ɓangarensa na kyauta. Abin da ka tura intanet zarar bunu ne, ba ka da ikon mayar da shi.

Kayan aiki

Ba wasu kaya masu tsada ba ne. Kana buƙatar waya mai kyamara, da manhajar Google Translate da ka sauke daga Play Store. Ban yarda da wadda aka tura maka ta Xender daga wayar wani ba, domin ba ka san ko an taɓa ta ba. Sai farar takarda mai kauri ko kwali, irin na bangon littafin rubutu ko kwalin sukari, da almakashi ko reza. Ka tanadi biro da wata takarda ta rubuta fassarar. In da hali ka yi fotokwafin takardar, ka sayi baƙar maka mai kaurin baki. In babu shagon fotokwafi a kusa, kwali ya wadatar, kuma ni ma shi na fi so.

Abu na ƙarshe shi ne mai takardar da kansa. Ya zauna kusa da kai har a gama. Takardarsa ce, sirrinsa ne, ya kamata ya ga abin da aka yi da ita.

Mataki na 1: Tambayi abin da ake son sani

Kafin ka taɓa waya, ka tambaya. Mu ɗauki misalin Baffa, mai sayar da dabbobi a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Ya kawo sitatimen mai shafi uku. Ka ce masa, "Baffa, me kake so a duba maka a ciki?" Sai ya ce, "Ɗana, 'yan kuɗi ƙanana nake gani ana cire mini, hamsin nan, ashirin can. Ina so in san na mene ne." Ka ga ke nan ba shafi uku ake buƙata ba. Layi huɗu ko biyar ne kacal, kuma a cikin kowane layi ma 'yan kalmomi ne.

In abin da ake nema bai wuce kalmomi kaɗan ba, kada ma ka ɗauki hoto. Ka kwafe su da hannu ka rubuta a manhajar. Wannan ita ce hanya mafi tsabta, domin abin da yatsanka bai rubuta ba, ba zai fita ba. Katin shaida na Nijar misali ne mai kyau. Abin da ke buƙatar fassara a jikinsa kanun layuka ne kawai, irin su Nom da Prénom, kuma waɗannan a minti biyu za ka rubuta su. Hoto sai in rubutun yana da yawa, ko kuwa Larabci ne kuma wayarka ba ta da madannin Larabci.

Fasfon Nijeriya kuwa, shafinsa mai hoto ba ya buƙatar fassara ko kaɗan. Kanun layukansa da Turanci da Faransanci suke, sauran duk suna ne da lamba da kwanan wata. Abin da ke sa mutane ɗaukar fasfo hoto yawanci biza ce ko hatimin da aka buga a wani shafin. To ka buɗe wancan shafin kaɗai, ka bar mai hoton a rufe.

Mataki na 2: Gane abin da za a rufe

Nan ne ya kamata ka ɗauki lokaci, domin yawancin kurakurai a nan suke faruwa. Mutum ya rufe suna a sama ya ɗauka ya gama, alhali sunan yana wurare uku a shafin.

A sitatimen, saman shafin farko yana ɗauke da cikakken suna, adireshi, lambar asusu mai alƙaluma 10, wani lokaci har da lambar waya. Wannan a bayyane yake. Abin da ake mantawa shi ne bankuna da dama suna maimaita suna da lambar asusu a sama ko ƙasan kowane shafi da ƙananan haruffa. Sai kuma layin bayanin ciniki, wanda ake rubuta wa Narration ko Description. A cikinsa akwai sunayen waɗanda suka turo kuɗi da waɗanda aka tura wa, da lambar wayar da aka saya wa kati, da doguwar lambar shaidar ciniki. Waɗannan mutanen ba su ba ka izinin yaɗa sunayensu ba. Sannan ga layin Balance, wanda ke nuna abin da ya rage a asusu bayan kowane ciniki.

Wani zai ce, ai lambar asusu ba sirri ba ce, kullum ana ba da ita a kasuwa. Gaskiya ne, lambar asusu ita kaɗai ba ta cire kuɗi. Haɗuwarta da sauran bayanan ce matsalar. Ɗan damfara da ya san sunan Baffa, da lambar wayarsa, da cewa ranar Alhamis an turo masa naira 180,000 daga wane, da abin da ya rage masa, in ya kira ya ce daga banki yake, ya karanto waɗannan ɗaya bayan ɗaya, da wuya Baffa ya yi shakka. Daga nan sai ya nemi lambar da aka turo ta tes, ko lambobin jikin katin ATM, ko lambar sirri. Da waɗannan ake kwashe kuɗin, amma da sitatimen ake samun yardar mutum.

A fasfo da biza, bayan hoto da suna da lamba da ranar haihuwa, ka duba ƙasan shafin. Akwai layi biyu na haruffa da lambobi cike da alamar <<<. Mutane suna ɗauka ado ne ko rubutun na'ura mara ma'ana. A fasfo kowane layi yana da gurbi 44, kuma a cikinsu an sake rubuta suna, lambar fasfo, ƙasa, ranar haihuwa, jinsi da ranar ƙarewa. In ka rufe sama ka bar waɗannan layukan, ba ka rufe komai ba.

A katin shaida, ko na NIN ne ko na zaɓe ko iƙama, ka rufe hoto, suna, lamba, ranar haihuwa da sa hannu. NIN da BVN kowanne alƙaluma 11 ne, lambar iƙama kuma 10 ce, tana farawa da 2. Ka rufe duk wani murabba'in ɗige-ɗige na QR ko zanen layuka baƙaƙe, gaba ɗayansa, ba gefe ɗaya ba, domin an tsara QR yadda ko wani ɓangare ya ɓaci za a iya karanta shi. A takardun Saudiyya kuma ka tuna suna yakan zo sau biyu, da boko da Larabci, lambobi ma sukan zo da alƙaluman Larabci irin na lambar shafin Alƙur'ani. Wanda idonsa ya saba da boko sai ya rufe na boko ya bar na Larabcin a fili.

Mataki na 3: Rufe da kwali kafin ka ɗauki hoto

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce yanka taga. Ka ɗauki kwali wanda ya fi takardar faɗi, ka yanka rami mai kusurwa huɗu a tsakiyarsa daidai girman rubutun da kake so. Ka ɗora shi a kan takardar, yadda babu abin da ke bayyana sai abin da ke cikin tagar. Alfanun wannan shi ne ba sai ka tuna duk abin da za ka rufe ba. Komai a rufe yake, kai ne kake zaɓar abin da za ka buɗe. Ga sitatimen, taga siririya mai tsawon yatsa ta isa, kana matsar da ita daga layi zuwa layi.

In rubutun da ake so ya watsu a shafin, kamar takardar biza, sai ka yanka kwalin gutsi-gutsi ka ɗora a kan kowane wuri. Ka danne da tsakuwa ko kwabo in akwai iska. Kada ka sa gam ko salatif a jikin fasfo ko kati, kada kuma ka taɓa asalin takarda da maka, domin fasfon da aka ɓata ana iya ƙin karɓarsa. Takardar littafin rubutu mai shara-shara ba ta rufewa sosai, musamman a rana ko in filashin kyamara ya haska. In ita kaɗai kake da ita, ka ninka ta uku.

Mai son amfani da maka, a kan fotokwafi zai yi. Ka shafa, ka bari ya bushe, ka sake shafawa, sannan ka ɗaga takardar ka kalli rana ta cikinta, ka kuma karkata ta gefe. Tawadar na'urar fotokwafi tana ƙyalli a ƙarƙashin maka, sau da yawa lambobin suna fitowa sarai in an karkata. In ka ga haka, ka yanke wurin da reza gaba ɗaya. Kuma a shagon, ka karɓi duk kwafin da ya ɓaci ka tafi da shi. Takardun da aka jefar a kwandon shago su ne gobe ake ƙunshe ƙosai da gyaɗa da su.

Kafin ka danna, ka kashe alamar wuri a kyamara. A Settings na kyamarar za ka ga Location, ko Location tags, ko Geotagging, gwargwadon wayar. In a kunne take, hoton yana tafiya da ainihin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye a cikinsa, wato ƙofar gidan Baffa. Bayan ka ɗauka, ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi da yatsu biyu, ka bi gefe-gefensa. A nan ake samun rabin lamba ta leƙo, ko katin ATM da aka ajiye a gefen tabarma ya shigo.

Mataki na 4: In takardar dama a waya take

Sau da yawa babu takarda a hannu. Hoto ne aka turo ta WhatsApp, ko banki ya turo sitatimen a matsayin PDF ta imel. A nan kwali ba shi da amfani, sai dabara.

Abu mafi sauƙi shi ne ka faɗaɗa hoton ko PDF ɗin har sai layin da kake so kaɗai ya cika fuskar waya, sannan ka ɗauki sikirinshot. Sikirinshot sabon hoto ne, abin da ido ya gani kawai yake ɗauka, babu komai a bayansa. Shi za ka tura, ba na asalin ba.

In dole sai ka shafe wani wuri a waya, ka zaɓi alƙalami baƙi mai cikakken duhu, ba wanda ake haska rubutu da shi ba. Na haskawa shara-shara ne, ko ka maimaita shi sau da yawa, wanda ya ƙara wa hoton haske zai iya karanta abin da ke ƙasa. Dusashe rubutu ma ba rufewa ba ne, lambobi sukan tsira. Ka gwada da kanka: bayan ka shafe, ka shiga Edit ka ja Brightness da Contrast har ƙarshe, ka ga ko wani abu zai fito. Sannan ka ɗauki sikirinshot na hoton da ka gyara, ka yi aiki da shi. Dalili shi ne wayoyi da yawa suna ajiye hoton asali a bayan wanda aka yanke ko aka shafe, don mai waya ya iya dawo da shi da Revert.

PDF yana da nasa tarkon. Baƙin akwatin da ka zana a kan rubutu a PDF yawanci ɗora shi kawai aka yi, rubutun yana nan a ƙasa, kuma na'urar fassara rubutun take karantawa, ba abin da idonka ke gani ba. Saboda haka kada ka taɓa tura PDF na banki ta wurin Documents a shafin fassara, ko ka rufe ko ba ka rufe ba. Haka nan, sitatimen da yawa suna zuwa a kulle da lambar buɗewa. Akwai shafukan da ke tallar za su cire maka makullin kyauta. Don su cire, sai ka ba su takardar gaba ɗaya tare da lambar. Ka buɗe ta a cikin wayarka kawai, ka ɗauki sikirinshot na layin da kake so.

Mataki na 5: Shirya manhajar ta yi aiki babu data

Wannan sau ɗaya ake yin sa, kuma ga mu mutanen karkara riba biyu ce, tunda sabis ma ba kullum yake tsayawa ba. Ranar da ka shiga gari, ko Gumel ko Ɗambatta ko duk inda sabis ke da ƙarfi, ka buɗe Google Translate, ka danna hoton asusunka a sama, ka shiga Downloaded languages. Ka sauke Hausa, da Larabci, da Faransanci in kana buƙata. Tun farkon 2023 Hausa tana cikin harsunan da ake iya saukewa. In wayar ta ce babu wuri, ka rage bidiyoyi, domin ƙananan wayoyi ba sa ɗaukar kaya da yawa.

Lokacin aiki, ka kunna Airplane mode, ka tabbatar Wi-Fi ma a kashe yake, sannan ka buɗe manhajar. In ta fassara a haka, ka san a cikin wayar aikin ya gudana. In ta ce sai an haɗa da intanet, to harshen bai sauka daidai ba, ko kuma ɓangaren kyamara bai karɓi waɗannan harsunan biyu babu data ba. Sai ka gwada zuwa Turanci maimakon Hausa, ko ka rubuta da hannu.

Fassarar babu data ba ta kai ta intanet kyau ba, wannan gaskiya ne. Amma ga kanun layuka da gajerun jimloli tana wadatarwa. In ta gaza, kana iya kunna data ka tura, tunda abin da ke hannunka hoto ne da ka riga ka rufe. Kashe data ƙari ne a kan rufewa, ba madadinta ba ne.

Shafukan da ke fitowa a saman bincike da alƙawarin fassarar takardu kyauta, da lambobin WhatsApp ko Telegram da ake cewa ka tura hoto a fassara maka, ni ba na kusantarsu da takardar kowa. Ba ka san mai su ba, ba ka san ƙasar da suke ba, ba ka da wanda za ka riƙe. Duk manhajar fassarar da ta nemi izinin shiga lambobin wayarka ko saƙonninka na tes, ka cire ta nan take. Fassara ba ta buƙatar waɗannan, kuma ta tes banki ke turo lambar cire kuɗi.

Mataki na 6: Fassara, ka rubuta a takarda

Mu koma kan Baffa. Ka ɗora tagar a kan layi na farko, yadda kalmomin bayanin da adadin da aka cire kaɗai ke bayyana, Balance yana ƙarƙashin kwali. Layin ya ce SMS Alert Charges. Wannan kuɗin saƙonnin alat ne da banki ke tara wa mutum ya cire. Na biyu ya ce Electronic Money Transfer Levy, wasu bankunan kuma Stamp Duty suke rubutawa, an cire naira 50. Harajin gwamnati ne a kan tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama. Na uku VAT ne, kashi 7.5 cikin ɗari, kuma a kan ladan da banki ya caja ake lissafa shi, ba a kan kuɗin da aka tura ba. Na huɗu Card Maintenance, kuɗin kula da katin ATM. Ka rubuta kowanne da Hausa a takarda, ka sa adadinsa a gaba, ka miƙa wa Baffa. An amsa tambayarsa, kuma babu sunansa ko na abokin cinikinsa da ya fita.

Manhaja takan ruɗe da gajerun haruffan banki irin su TRF, NIP, DR da CR, ta bar su yadda suke ko ta kawo abin da bai dace ba. DR kuɗin da ya fita ne, CR wanda ya shigo, TRF da NIP kuwa tura kuɗi ne. In ka ci karo da layin da ba ka gane ba, kuma kuɗin yana da yawa, kada wannan ya sa ka buɗe shafin duka ka tura da fatan za ta fi ganewa. Ba za ta ƙara ganewa ba. Baffa ya ɗauki takardarsa ya je reshen banki a yi masa bayani baki da baki.

A takardun Larabci ka kula da kwanan wata. Wani na Hijira ne, kuma manhaja lambobin kawai take juyawa, ba ta mayar da shekarar zuwa ta Miladiyya. Ranar ƙarewar biza ko iƙama abu ne da ya kamata ka karanta da idonka, ko ka nuna wa malamin da ya iya Larabci a garinku.

Mataki na 7: Share bayan aiki

Tun kafin ka mayar da data, ka shiga History a manhajar ka share abin da ka fassara. Ka goge hotunan daga galari, har da sikirinshot. Gogewa ɗaya ba ta isa ba, domin hoton yana komawa wani kwando mai suna Recently deleted ko Trash ko Bin, inda yakan zauna kimanin kwana 30, a Google Photos ma har 60 in an riga an ɗora shi. Ka shiga can ka sake gogewa. In Backup na Google Photos a kunne yake, duk hoton da ka ɗauka yana hawa asusun Google da zarar data ta dawo, shi ya sa gogewa kafin kunna data take da muhimmanci. In ka yi aikin da data a kunne, ka shiga myactivity.google.com ka share ayyukan ranar.

Hoton da ya zo ta WhatsApp yana wurare da yawa: a hirar, a galari, da kuma wayar wanda ya turo. Ka goge naka, ka gaya masa ya goge nasa in ba ya buƙata. Kada a tura irin wannan hoton a guruf na dangi ko na unguwa don neman mai fassara. Mutum hamsin ne za su same shi, wayoyinsu kuma su sauke shi da kansu.

Ni a ganina hatsarin da ya fi kusa da mu ma ba kamfanin da ke ƙetare ba ne, wayar kanta ce. Wayarmu tana kwana a shagon caji, tana zuwa wurin mai gyara, ƙanne suna karɓa su yi kallo, ana sayar da ita a kasuwa ba a goge komai ba. Hoton fasfon maƙwabcinka da ka manta a galari zai bi ta duk waɗannan hannuwan. Ka sa wa wayarka makulli, kuma ka yi gogewar a gaban mai takarda ya gani. In wayar aro ce, kada ka ɗauki hoto da ita sam, ka tsaya a rubutawa da hannu. In a shagon kafe aka yi sikanin, ka tsaya a goge fayil ɗin daga kwamfutar da kuma Recycle Bin kafin ka biya.

In an riga an tura ba a rufe ba

Ka share abin da za ka iya sharewa kamar yadda na bayyana a sama. In shafin yana da wurin goge fayil ko rufe asusu, ka yi amfani da shi. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin neman a goge bayanansa, kuma hukumar NDPC ce ke karɓar ƙorafi, sai dai tilasta wa shafin da ba a san mai shi ba abu ne mai wuya. Saboda haka ka fi mayar da hankali kan mai takardar. Ka gaya masa abin da ya faru, kada ka ɓoye. Ka ja masa kunne cewa duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko ya karanto masa sunansa da kuɗin da ke asusunsa daidai, kada ya ba shi lambar da aka turo ta tes ko lambar sirri, ya kashe wayar ya je reshe da ƙafarsa. Ya riƙa duba alat, ya kuma tambayi bankinsa lambar da ake dannawa a rufe asusu cikin gaggawa, ya rubuta ta a takarda a gida. In layinsa ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta masu irin layin yana aiki, ya hanzarta zuwa ofishin kamfanin layin da banki a ranar, domin yana iya zama alamar an yi masa musanyen sim, wato wani ya karɓi sabon sim da lambarsa.

Akwai kuma inda wannan hanyar gaba ɗaya ba ta aiki. In ofishin jakadanci ko jami'ar ƙetare ko kotu ce ta nemi a kawo takarda a fassare, fassarar waya ba ta karɓuwa, sai ta mai fassara da suka amince da shi, mai hatimi da sa hannu, kuma shi dole ya ga takardar a buɗe. A nan ka tambayi ofishin da ya nema su wa suke karɓar fassararsu, ka kai fotokwafi hannu da hannu in zai yiwu, ka riƙe asalin a wurinka, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan ofishin da adireshinsa.